Takardar bak a hannun mai fassara: abin da za a bari da abin da za a bayyana

Kowace shekara, da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar bak, sai a ga iyaye da ɗalibai suna kai da kawowa a ofisoshin birnin Yamai, kowa riƙe da ambulan na takardu. Waɗanda za su shiga Jami'ar Abdu Mumuni, ko su tafi Dakar ko Wagadugu, ba su da wata damuwa game da harshe, domin takardarsu da Faransanci take, can ma da Faransanci za a karanta ta. Amma akwai waɗanda suka nufi Zariya, ko Kano, ko Sakkwato, ko Gana, inda Ingilishi ne harshen jami'a. Su kam tilas takardarsu ta bi ta hannun mai fassara kafin ta isa gaban magatakardan jami'a. A wannan ɗan tsakani ne wahalar shekara 13 ta karatu take iya gyaruwa ko ta ɓaci, saboda kalma ɗaya ko lamba ɗaya.

Magana guda ce ya kamata kowa ya riƙe, da uba da ɗalibi da ma'aikacin gwamnati: mai fassara shaida ne, ba alƙali ba ne. Aikinsa shi ne ya faɗi abin da takarda ta ce, ba tare da ragi ko ƙari ba. Auna darajar takardar kuwa, a ce ta yi daidai da wace takarda ta wata ƙasa, wannan aikin jami'ar da za ta karɓi ɗalibin ne, da hukumomin ƙasarta. Duk wanda ya gama aikin nan biyu a hannu ɗaya, to, ɗalibi ya cuta, ko da kuwa da nufin taimako ya yi.

A ɗauki misalin wata yarinya da ta gama lise a Yamai, ta ci bak a sashen lissafi da ilimin halittu, tana so ta karanci haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Takardu uku take da su. Akwai takardar shaidar cin jarrabawa, wadda ake bayarwa tun kafin babbar difiloma ta fito. Akwai takardar maki, wadda ta jera darussa da abin da ta samu a kowane. Akwai kuma takardun sakamako na aji ukun lise. Kowace daga cikinsu tana da tarkonta.

Kafin a je wurin mai fassara

Aikin farko ba na mai fassara ba ne, na mai takarda ne. Sai yarinyar ta shimfiɗa takardar haihuwarta, da fasfo, da takardun bak a tabarma ɗaya, ta kwatanta su harafi da harafi. Ƙa'idar rubutun Faransanci ta sa ana rubuta sunan Usman da wasu haruffa a Nijar, ana rubuta shi da wasu a Nijeriya, haka Jibo, haka Ciroma, haka Muhammadu. Mai fassara ba shi da ikon mai da suna zuwa rubutun Hausa ko na Ingilishi don ya yi wa mutanen Zariya daɗin karatu. Yadda sunan yake a takarda haka zai kwafe shi, haka kuma sunan gari: in takarda ta ce Zinder, ba zai rubuta Damagaram ba. Idan aka tarar sunan da ke fasfo ya bambanta da na difiloma ko da harafi ɗaya ne, sai a koma ofishin da ya ba da takardar a nemi gyara, ko a nemo takardar hukuma mai tabbatar da cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Mai fassarar da ya gyara kuskuren da alƙalaminsa, ya haifi takarda ta biyu wadda ba ta jitu da ta asali ba, kuma wannan rashin jituwar shi ne abin da mai binciken takardun jabu ya fara nema.

Haka batun ranar haihuwa. Ƴaƴan karkara da yawa ba a rubuta haihuwarsu da wuri ba, sai daga baya aka nemo musu hukuncin alƙali, saboda haka takardarsu takan ce an haife su wajen shekara kaza, ba rana ba wata. Sau da yawa fasfo yakan ɗauki 1 ga Janairu na shekarar. Mai fassara zai bar wannan «wajen» a inda take, ba zai ari ranar fasfo ya saka a difiloma ba. Inda kuma ranar ta cika, ya fi kyau ya rubuta sunan watan da haruffa, domin 03/04 a Yamai da Zariya 3 ga Afrilu ne, amma a Amirka 4 ga Maris ne.

Bayan wannan sai batun hatimi. Hanyar da aka saba bi ita ce a yi kwafin takardar, a kai ta ofishin magajin gari ko komisariya tare da ta asali, a manna tambur, a buga hatimin cewa kwafin daidai yake da asali. Sai ofishin da ya ba da difilomar ya tabbatar da cewa daga gare shi ta fito. Sai fassara ta hannun wanda hukuma ta yarda da sa hannunsa. Sai Ma'aikatar Harakokin Waje ta shaida sa hannun, daga nan kuma ofishin jakadancin ƙasar da za a je, in ƙasar ta bukaci haka. Ba kowace jami'a take neman dukan matakan nan ba, don haka tambaya tun da wuri ta fi. Abin lura shi ne kowane hatimi yana shaidar wanda ya gabace shi ne kawai. Wanda ya yi gaggawar fassara tun kafin a buga hatimin tabbatarwa, zai riƙe fassarar da ba ta ambaci hatimin da ke jikin takardar ba, ya koma ya sake biya. Ita kuwa difiloma ta asali, kada a yi rubutu a kanta, kada kuma a liƙe ta cikin roba, domin robar tana hana a taɓa hatimin da aka danna a jikin takarda a gane na gaske ne.

Sunan difiloma

Kalmar da ke saman takardar ita ce Baccalauréat. Ta yi kama da kalmar Ingilishi Bachelor, wadda ita sunan digirin farko na jami'a ce, wanda ake samu bayan shekara uku ko huɗu. Kamannin nan ba haɗari ba ne, kalmomin biyu danginsu ɗaya. A Faransa, dokar Napoleyon ta 17 ga Maris 1808 ta sa bak ya zama matakin farko na darajojin jami'a, shi ya sa a ƙasashen da suka gaji wannan tsari malaman jami'a ne suke shugabantar alƙalan jarrabawar, shi ya sa kuma a Nijar aka daɗe jami'ar Yamai ce take shirya ta, kafin a kafa mata ofishinta na musamman. Magatakardan Zariya wanda ya ga sunan jami'a a saman takardar yarinya mai shekara 19, kuma ya ga an rubuta Bachelor a fassara, ɗayan biyu ne: ko ya ɗauka ta gama digiri, ko ya ɗauka ƙarya ake yi masa. Duka biyun ba alheri ba ne gare ta.

Akwai kuskure na biyu, wanda ya fi wuyar ganewa domin ya yi kama da hikima. Shi ne mai fassara ya cire sunan Faransanci ya sa sunan takardar gama sakandare ta Nijeriya a madadinsa. A Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwalej, 3 a lise, jimla 13. A Nijeriya yana yin 6 da 3 da 3, jimla 12. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don shirya shiga jami'o'in Nijeriya, ƙofa biyu gare ta: ta jarrabawar shiga aji ɗaya, da ta shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga masu takardar da ta ɗara ta sakandare. Ko bak ɗin yarinyar nan zai buɗe mata ƙofa ta biyu, wannan hukunci ne na jami'ar da hukumomin ilimi na Nijeriya. Mai fassarar da ya raɗa wa takardar sunan takardar shekara 12 ya rufe ƙofar tun kafin a ƙwanƙwasa. Wanda kuma ya raɗa mata sunan babbar takardar Ingila ta masu shekara 13, ya yanke hukuncin da ba a ba shi ba, kuma ya sa hatiminsa a kan abin da takardar ba ta faɗa ba.

Abin da ya dace shi ne a bar sunan yadda yake da Faransanci, a biyo shi da ma'anarsa a sarari, wato takardar kammala karatun sakandare wadda take ba da damar shiga jami'a. Haka za a yi da Série D: a bar harafin D, domin shi ne sunan sashen, a bayyana cewa sashen lissafi da ilimin halittu ne. A takardun lise ma haka. Ajujuwan tsarin Faransanci suna ƙirguwa ne daga sama zuwa ƙasa, saboda haka ajin da ake kira Première, wato «na ɗaya», ba shi ne farkon lise ba, shi ne na biyu, shekara ta 12 ta karatu. Wanda ya juya shi «aji ɗaya» kawai ya mai da babbar ɗaliba ƴar farin shiga.

Maki da nauyinsa

A nan ne ake yawan matsa wa mai fassara. Uba yakan zo ya ce: «Malam, ka ga can kan ɗari suke ba da maki, a taimaka wa yarinyar nan a juya mata su gane.» Amsar da ta dace ita ce: «Alhaji, in na juya, ni na ba ta makin, ba alƙalan jarrabawa ba.» Lissafi zai nuna dalili.

A ce takardar makin yarinyar ta nuna haka, kowane darasi a kan 20. Lissafi 12, kimiyyar fisik da sinadarai 13, ilimin halittu da ƙasa 15, kowane ɗayansu da nauyi 5. Faransanci 10, da nauyi 3. Falsafa 7, tarihi da labarin ƙasa 11, Ingilishi 12, kowane da nauyi 2. Waɗannan lambobi na kwatanci ne, nauyin gaske yana rubuce a takardar kowane ɗalibi. Ma'anar nauyi ita ce ana riɓanya makin darasi da wannan lamba kafin a tara. Darussan kimiyya uku sun ba da 60 da 65 da 75. Faransanci ya ba da 30. Sauran ukun sun ba da 14 da 22 da 24. Jimla 290. Jimlar nauyi kuwa 24 ce. In aka raba 290 gida 24, sai a sami 12,08. Da wannan ta haye 12, ta sami yabon da ake rubutawa Assez Bien.

Yanzu a ce mai fassara ya ga layin nauyi ya cika masa takarda, ya bar shi. Magatakarda a Zariya zai tara maki bakwai ɗin, ya sami 80, ya raba gida 7, ya sami 11,43. Sai ya duba ƙasan takardar ya ga 12,08. Ba shi da hanyar sanin daga ina bambancin ya fito, abin da zai zo masa a rai shi ne an taɓa lambar. Layi ɗaya da aka raina ya jawo wa yarinya zargin da ba ta ji ba ta gani ba. Saboda haka kowane layi na takardar maki sai ya fito a fassara, a daidai wurin da yake a asali, yadda wanda bai iya Faransanci ba zai ɗora takardun biyu gefe da gefe ya bi su da yatsa. Abu ɗaya da ake canzawa a lamba shi ne waƙafi: Faransanci yana rubuta 12,08, Ingilishi yana rubuta 12.08, ƙimar kuwa ɗaya ce.

A ce kuma an biya wa uban bukatarsa, an riɓanya kowane maki da 5 don ya koma kan ɗari. Falsafa 7 ta zama 35. A ma'aunin hukumar jarrabawa ta WAEC, abin da bai kai 40 ba F9 ne, wato faɗuwa. Faransanci 10 ya zama 50, wato C6, ƙarshen abin da ake karɓa. Matsakaicin 12,08 ya zama 60 da ɗoriya, wanda a can maki ne na tsaka-tsaki. Ke nan yarinyar da ta fito da yabo a Yamai ta isa Zariya da faɗuwa a darasi ɗaya da maki mara armashi a wasu. Garin gyaran gira an rasa ido.

Dalilin haka shi ne ma'aunan biyu ba tsawonsu kaɗai ya bambanta ba, ginin su ma daban ne. Jarrabawar Nijeriya darasi-darasi ake cin ta, kuma jami'a tana neman kyakkyawan sakamako a darussa biyar, har da Ingilishi. Bak kuwa dunƙule yake: ana ci ko a faɗi da matsakaici guda, ƙarfin wani darasi yana ɗaukar raunin wani, kuma 10 a kan 20 shi ne mashigi. Ban da haka, masu gyaran takardu a tsarin Faransanci ba su cika hawa saman ma'auni ba, 16 abu ne da ba a cika gani ba, balle 18. A shekarun 2021 zuwa 2023, waɗanda suka ci bak a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna jarrabawar ba. Riɓanyawa da 5 ba ta ɗauke da wannan labari ko kaɗan.

Kalmar da ta fi kowace haɗari

Yabon bak hawa huɗu ne. Daga 10 zuwa ƙasa da 12, Passable. Daga 12 zuwa ƙasa da 14, Assez Bien. Daga 14 zuwa ƙasa da 16, Bien. Daga 16 zuwa sama, Très Bien. Akasarin masu cin jarrabawar a hawan farko suke, saboda haka kalmar farko ce ta fi yawan zuwa teburin mai fassara, kuma hannu yana saurin rubuta Pass, tun da ga kama ga ma'ana.

To amma a kunnen ma'aikacin jami'ar Nijeriya wannan kalma tana da ma'ana ta musamman. A ma'aunin WAEC, Pass sunan D7 da E8 ne, makin da ke ƙasa da Credit, wanda ba a lissafa shi cikin darussa biyar ɗin da ake nema. Abokin karatun yarinyar nan wanda ya sami 11,50, ya ci cikakken bak mai ba shi damar shiga jami'a a Yamai ko Dakar, sai ga shi fassara ta sa masa sunan da a can ake kiran wanda bai kai ba. Mai fassara bai yi ƙarya ba, ƙamus ma zai goyi bayansa, amma ya isar da saƙon da ba shi aka aiko ba. Wanda kuma ya ji tausayi ya rubuta Credit, ya ɗaga takardar da kalmar da alƙalan jarrabawa ba su furta ba. Mafita ita ce a bar Passable yadda take, a faɗi tsakanin makin da take nufi.

Bayanin mai fassara da iyakarsa

Duk abin da aka ce a bayyana, ba a cikin jikin fassara za a cusa shi ba. Wurinsa ƙasan takarda ne, ƙarƙashin kan magana da ya nuna cewa bayanin mai fassara ne, don kada mai karatu ya ɗauka difiloma ce take magana. Ga takardar yarinyar nan, jimla huɗu sun isa. Ta ɗaya: ana ba da wannan takarda bayan shekara 13 ta karatu da jarrabawar ƙasa. Ta biyu: ana ba da maki daga 0 zuwa 20, ana riɓanya makin kowane darasi da nauyinsa, kuma matsakaicin 10 shi ne cin jarrabawa. Ta uku: hawa huɗu na yabo da makin kowane. Ta huɗu: ma'anar harafin sashen.

Ma'aunin gane bayanin kirki ɗaya ne: shin za a iya nuna shi a rubuce cikin dokokin jarrabawar? In za a iya, ya shiga. In kuwa ra'ayi ne, kamar a ce jarrabawar tana da wuya ƙwarai, ko a ce 12 a Yamai daidai take da maki kaza a Zariya, to, ba shi da wuri a ƙarƙashin hatimi, ko da gaskiya ne. Haka nan mai fassara zai ambaci kowane hatimi da tambur da sa hannu, ya faɗi abin da ke rubuce a cikinsu. Inda tawada ta dushe, ya rubuta cewa ba ya karantuwa, kada ya cika da zato. A ƙarshe ya faɗi ko daga takardar asali ya yi aiki ko daga kwafi mai hatimi, ya sa rana da lamba da sa hannu, ya haɗa fassarar da kwafin, ya buga hatimi a inda suka haɗu, yadda ba za a iya zare ɗaya a sa wata ba.

Masu ganin an tsananta

Akwai masu cewa wannan tsanani ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ma'aikacin da ke karɓar takardu a wata jami'a mai yiwuwa bai taɓa ganin bak ba, in ya ga 12 a kan 20 da kansa zai riɓanya da 5, ke nan abin da aka guda shi za a tarar. Gaskiya ne haka tana faruwa. Sai dai akwai bambanci tsakanin kuskuren da aka yi a can da wanda aka yi a nan. In magatakarda ne ya auna ba daidai ba, takardar yarinyar tana nan da tsabtarta, tana iya neman a sake dubawa, ta nuna bayanin da ke ƙasa, ta kai maganar ga masu auna takardun waje. In kuwa mai fassara ne ya juya makin, lambar ta zauna ƙarƙashin hatimi, babu mai ɗaga ta. Ranar da kuma wata jami'a ta gane cewa fassarar Yamai tana ƙawata maki, ba takarda ɗaya za ta sha zargi ba, duk ƴan ƙasa masu zuwa daga baya za su biya bashin.

Rabon aikin nan ba sabon abu ba ne a Afirka. A birnin Yamai ne shugabannin ƙasashe suka kafa majalisar CAMES a 1968, kuma a Lome aka sa hannu a 1972 kan yarjejeniyar amincewa da difilomomin juna tsakanin ƙasashenta. Ga nahiyar baki ɗaya akwai yarjejeniyar Arusha ta 1981, wadda aka sabunta a Adis Ababa a 2014. Dukansu a hannun hukumomin ilimi suka sa aikin auna takarda. Babu wadda ta miƙa shi ga mai fassara.

Abin da ya rage ga hukuma da iyaye

Amsar da ta dace da damuwar masu ƙorafi tana hannun hukuma. Ya kamata ofishin da ke kula da bak ya fitar da takarda guda, shafi ɗaya, da Faransanci da Ingilishi da Larabci, mai ɗauke da hatiminsa, wadda ta bayyana shekarun karatu, da sassa, da nauyin darussa, da hawan yabo, har da yawan waɗanda suka sami kowane hawa a shekarar. Abin da mai fassara ba shi da ikon faɗi, ofishin yana da iko, domin shi ne mai alkaluman, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. Magatakardan da ya ga cewa ƙalilan ne suke kai 12 zai kalli 12,08 da wani ido. Ya kamata kuma a tsayar da jerin kalmomi guda na sunayen darussa da sassa, don kada ɗalibai biyu ƴan aji ɗaya su isa jami'a ɗaya da fassara iri biyu. Sannan a liƙa sunayen masu fassarar da aka yarda da su a inda jama'a za su gani, don talaka ya daina ba da kuɗinsa ga wanda hatiminsa ba ya wuce bakin ƙofa.

Iyaye kuma suna da nasu rabo, musamman waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka iya karatu da rubutu. Ba sai mutum ya ji Faransanci ko Ingilishi zai binciki fassara ba. Ya ɗora takardun biyu gefe da gefe. Ya duba ko haruffan suna iri ɗaya ne. Ya ƙirga layukan darussa ya ga ko sun yi daidai. Ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, da na maki da na nauyi. Ya ƙirga hatimai a asali, ya ga ko fassara ta ambaci adadinsu. In ya ga lambar da ba ta cikin asali, kamar 60 a inda aka rubuta 12, ya mai da takardar tun bai bar ofishin ba. Wannan aikin minti goma ne, amma gyaransa daga Zariya tafiya ce da kuɗin mota, wani lokaci ma har da asarar shekarar karatu.

Yarinyar da ta sami 12,08 ba ta bukatar a ƙara mata ko ɗigo. Bukatarta ita ce lambar ta isa Zariya yadda ta bar Yamai, da bayanin da zai sa a karanta ta daidai. Allah ya ba masu riƙe da hatimi ikon riƙon amana, ya kuma ba ɗaliban ƙasa sa'ar abin da suka fita nema.